Tambaya ɗaya, amsa daban-daban: aikin `temperature`

Tambaya: Malam, na yi wa manhajar hira ta AI tambaya jiya, yau na sake yi mata ita ba tare da canza ko harafi ɗaya ba, amma amsar ta bambanta. Ta lalace ne?

Amsa: Lafiyarta ƙalau, ɗan'uwa, haka aka gina ta. Manhajar ba ta da amsa a ajiye da take ɗaukowa. Rubutun take ƙirƙira gutsure-gutsure, kowane gutsure kalma ce ko ɓangaren kalma. A kowane mataki tana ba duk gutsuren da ta sani maki, ta mayar da makin zuwa kaso cikin ɗari, sannan ta jefa ƙuri'a bisa wannan kason. Mai kaso mafi yawa ya fi fitowa, amma ba kullum ba.

A ce ta rubuta "Da safe na sha", kuma kalmomi uku ne ke takara: koko da maki 2, shayi da maki 1, kunu da maki 0. (A zahiri masu takarar dubbai ne, na rage su don lissafin ya yi sauƙi.) Idan aka mayar da makin kaso, koko zai samu kusan kashi 67, shayi 24, kunu 9. Kamar jaka ce da aka zuba wa takardu 100, an rubuta koko a 67, aka ce ka zaro ɗaya ido a rufe.

Abin da ke faɗaɗa bambancin shi ne duk gutsuren da aka zara yana shiga lissafin na gaba. Da zarar shayi ya fito, burodi na iya biyo baya. Da koko ne, sai ƙosai. Saɓanin kalma ɗaya a farkon amsa ya isa ya kai sakin layin gaba ɗaya wata hanya.

Tambaya: To a ina `temperature` yake shigowa?

Amsa: Kafin a mayar da maki kaso, ana raba kowane maki da wata lamba, ita ce `temperature`, wadda ake rubutawa `T`. A lissafin nan `z_i` makin gutsure ne, `p_i` kuma kasonsa:

```
p_i = exp(z_i / T) / Σ exp(z_j / T)
```

Idan `T` ya zama 1, babu abin da ya canza, kason nan na 67 da 24 da 9 ne. Sauke shi zuwa 0.5, makin ya koma 4 da 2 da 0, tazara ta ninka. Koko ya haura kusan kashi 87, shayi ya faɗo 12, kunu bai kai 2 ba. Ɗaga shi zuwa 2 kuma, makin ya koma 1 da 0.5 da 0: koko 51, shayi 31, kunu kusan 19. Kunun da ke fitowa sau ɗaya cikin goma sha ɗaya yanzu yana fitowa kusan sau ɗaya cikin biyar.

Ka lura jerin bai canza ba, koko ne kan gaba a duka ukun. Tazarar da ke tsakani kaɗai lambar take taɓawa. A sifili ba a yin rabon ma, ana ɗaukar na kan gaba kai tsaye.

Tambaya: Ke nan in na sa sifili zan samu amsar gaskiya?

Amsa: A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Sifili yana ba ka abin da manhajar ta fi karkata gare shi. Idan kuskure ne a kan gaba, za ta maimaita maka shi sau goma ba gezau, kai kuma ka ɗauka tabbaci ne. Ni a ganina bambancin amsar yana da amfani: ka tambayi shekarar da wani abu ya faru sau biyar, kowane karo a sabuwar hira, tare da `T` a kusa da 1. In shekarun sun sha bamban, manhajar lalube take yi, ka nemi littafi. In sun zo ɗaya, alama ce mai kyau amma ba hujja ba.

Ko a sifilin ma akan ga ɗan saɓani. Na'urorin kamfani suna haɗa tambayoyin mutane da yawa su lissafa a tare, kuma sauya tsarin tara lambobi masu ɗigo yana kawo bambanci ɗan mitsitsi. Idan gutsure biyu suna kunnen doki, wannan ya isa ya juya su.

Tambaya: Nawa ya kamata in sa?

Amsa: A shafin hira na yau da kullum galibi ba a ba ka wannan zaɓin, masu haɗa manhajarsu ta API, wato hanyar da wata manhaja ke aika tambaya kai tsaye, su ne suke gani. A kamfanin OpenAI daga 0 zuwa 2 ne, a kamfanin Anthropic daga 0 zuwa 1. Don ciro lambobi daga takarda ko tantance saƙonni, ka tsaya tsakanin 0 da 0.3. Don neman sunan shago ko shawarwarin kanun labari, 0.7 zuwa 1 ya fi, tunda amsoshi mabambanta kake so. Idan ka fara ganin kalmomin da babu su a Hausa, ko jimla ta tsallaka wani harshe a tsakiya, ka yi sama da yawa. In kuma tana nanata jimla ɗaya ba ta ci gaba, ƙara shi kaɗan.