Tarar jinkiri ta kullum: yadda zubin Naira 50,000 ke kumbura cikin makonni shida

Mutum ya ci bashi a manhajar waya, ko ya karɓi babur ko firji a kan zai riƙa biya kaɗan-kaɗan. A cikin takardar yarjejeniya akwai layi ɗaya da ido ke yawan tsallakewa: idan ranar zubi ta wuce ba a biya ba, za a ci tarar kashi 1 cikin 100 a kowace rana. Kashi ɗaya ba ya tayar da hankalin kowa a ranar sa hannu. Sai an yi wata guda ana jinkiri sannan mutum ya buɗe manhaja ya ga adadin da bai gane ba, ya ce an cuce shi. Wani lokaci an cuce shin. Sau da yawa kuma lissafin na nan a rubuce tun farko, ba a dai yi masa bayani ba.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ƙaddara wani tela ya karɓi bashin da zai biya cikin zubi huɗu, Naira 50,000 duk bayan kwana 30. Ya biya na farko lafiya. Da na biyu ya zo, kasuwa ta tsaya, bai samu ya biya ba. Yarjejeniyarsa ta ce tarar kashi 1 cikin 100 kullum.

Idan a kan zubin da ya makara kaɗai ake lissafawa, kuma ba a ɗora tara a kan tara, abin mai sauƙi ne. Kashi ɗaya na 50,000 shi ne Naira 500, kuma wannan 500 ɗin ce za ta riƙa hawa kowace rana ba ta canzawa. Mako guda 3,500. Mako biyu 7,000. Mako huɗu 14,000. Idan ya kai mako shida, wato kwana 42, tarar ta zama 21,000. A lura cewa mako a nan kwana bakwai ne cur. Sai dai in takardar ta ce ranakun aiki kaɗai ake ƙirgawa, Asabar da Lahadi da hutun Sallah duk suna cikin lissafi, domin na'ura ce ke ƙirgen, kuma ba ta san an rufe kasuwa ba.

Amma telan ba zai kai kwana 42 da zubi ɗaya a kansa ba. A rana ta 30 zubi na gaba ya iso. Idan shi ma ya wuce, daga washegari tara biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, Naira 1,000 kullum maimakon 500. A rana ta 42 tsohon zubin ya tara 21,000, sabon ya tara 6,000 cikin kwana 12, jimilla 27,000. Wanda ake bi 100,000 yanzu ana bin sa 127,000, ga kuma zubi na ƙarshe yana tafe. A nan ne yawancin mutane ke rasa bakin zaren, saboda sun riƙe a ransu cewa tarar 500 ce a rana, ba su lura da ranar da ta ninka ba.

Wannan duk a kan mafi sauƙin fassarar layin ne. Kalmomin nan guda, "kashi 1 cikin 100 kullum", suna iya nufin abu uku daban, kuma bambancin kuɗin ba ƙarami ba ne.

A fassara ta biyu, wasu masu ba da bashi kowane dare suna haɗa tarar ranar da bashin, gobe su lissafa kashi ɗaya na sabon adadin. Ranar farko 500, rana ta biyu 505, ta uku ta ɗan ɗara 510. A makon farko ba za ka ma lura ba, domin tarar za ta kai kimanin 3,607 maimakon 3,500. A mako na huɗu ta kai kusan 16,065 maimakon 14,000. A mako na shida ta kusa 25,940 maimakon 21,000. Da wannan tsarin, zubin 50,000 yana komawa 100,000 cikin kwana 70, alhali da lissafin farko sai ya yi kwana 100. Hanyar ganewa ba ta buƙatar ilimin lissafi: duba abin da ake bin ka kwana uku a jere, ka rubuta. Idan ƙarin da ake yi iri ɗaya ne kullum, ba a ɗora tara a kan tara. Idan ƙarin yau ya fi na jiya ko da da Naira biyar ne, ana ɗorawa.

Fassara ta uku ta fi duka nauyi. Akwai yarjejeniyar da ke cewa da zarar zubi ɗaya ya wuce, duk sauran bashin ya zama wajibi a biya nan take, ko kuma ta ce tarar a kan "abin da ya rage" take, ba a kan "abin da ya makara" ba. Telanmu saura zubi uku a kansa, wato 150,000. Kashi ɗaya na wannan Naira 1,500 ne kullum. Cikin mako huɗu tarar ta kai 42,000, ta kusa cinye zubi guda sukutum. Shi ya sa nake ganin tambayar "kashi nawa ne?" ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin tambayoyin da za a yi kafin sa hannu. Wadda ta fi ta ita ce "a kan wane kuɗi?"

Sai batun kwanakin sassauci. Wasu takardun suna ba da kwana biyu ko uku bayan wa'adi ba tara. Abin dubawa shi ne me ke faruwa idan an wuce su. A wani wurin ƙirge yana farawa daga ranar da sassaucin ya ƙare, don haka wanda aka ba kwana uku ya biya a rana ta huɗu tararsa 500 ce. A wani wurin kuma sassaucin na wanda ya biya a cikinsa ne kawai, wanda ya wuce sai a koma da lissafi tun ranar wa'adi, ya biya 2,000. Haka nan ranar da ake ƙirgawa ita ce ranar da kuɗin ya shiga wurinsu. Wanda ya tura da dare, kuɗin ya maƙale a hanya sai da safe, yana iya samun an ƙara masa kwana. A ajiye rasit mai nuna rana da lokaci.

Yanzu ga abin da ya fi amfani ga wanda ya riga ya makara. Mutane da yawa suna riƙe abin da ke hannunsu har sai ya cika, suna jin kunyar kai rabi. A ƙarƙashin tarar kullum wannan asara ce. A ce a rana ta 14 telan ya samu 30,000. A lokacin ana bin sa 57,000, zubi da tara. Yawancin yarjejeniyoyi suna fara cire tara daga duk abin da aka biya, sannan kuɗin ruwa, sannan uwar kuɗi. To za a ɗauki 7,000 a share tarar, saura 23,000 ta shiga zubin, ya rage 27,000. Daga nan tarar kullum ta sauko zuwa 270. Idan ya kammala a rana ta 28, zai ƙara biyan 27,000 da tarar 3,780, jimillar abin da ya fita daga aljihunsa 60,780. Da ya jira ya biya gaba ɗaya a ranar, 64,000 zai bayar. Kai rabin nan ya tsirar masa da 3,220. Da kuma zai roƙa a amince a sa 30,000 ɗin duka a kan zubin, a bar tarar zuwa ƙarshe, tarar kullum za ta koma 200, ya ƙara tsira da 980. Wannan duk ya dogara ga cewa a kan ragowar abin da ya makara ake lissafi. Akwai masu ci gaba da cin tara a kan cikakken zubi har sai an biya Naira ta ƙarshe, don haka a tambaya kafin a tura, kuma a nemi amsar a rubuce.

To, doka ta yarda da wannan? Ya danganta da wanda ya ba da bashin. Babban Bankin Najeriya, CBN, yana da kundin cajin da bankuna da sauran cibiyoyin kuɗi da ke ƙarƙashinsa ke bi, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020. A cikinsa, tarar jinkiri a kan bashin Naira ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na abin da ba a biya ba a wata, a wata fa, ba a rana ba, tare da kuɗin ruwan da ke ci gaba da hawa kamar yadda aka saba. Kundin ya kuma ba da kwana bakwai da ba a cin tara a cikinsu. Da telanmu a banki ya ci bashin, tarar zubin 50,000 ba za ta wuce Naira 500 a wata ba, daidai abin da manhajar ke ci a rana ɗaya. Ko an haɗa da kuɗin ruwa, a ce kashi 30 cikin 100 a shekara, wanda ya kama kimanin Naira 41 a rana a kan wannan zubin, makonni shida ba za su kai shi 3,000 ba. Duk wanda banki ko cibiyar da ke da lasisin CBN ta ci wa tarar da ta wuce haka yana da hujjar rubuta wa bankin ƙorafi, in ba a gyara ba ya kai ga sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN.

Manhajojin bashi da yawa ba bankuna ba ne. Su hukumar kare haƙƙin masu saye da tabbatar da gasa, FCCPC, ke yi wa rajista tun 2022, kuma a 2025 ta fitar da cikakkun ƙa'idoji da ke tilasta musu bayyana wa mai karɓar bashi kuɗin ruwa da duk wani caji a fili kafin ya amince. Saboda haka abu na farko da za a duba a rikici da manhaja shi ne ko tarar da aka ci tana cikin sharuɗɗan da aka nuna tun farko, kuma ko yadda aka lissafa ta ya dace da abin da aka rubuta. Idan takarda ta ce a kan zubin da ya makara, amma ƙarin kullum ya nuna a kan dukan bashin ake ci, wannan ƙorafi ne mai ƙarfi, kuma hotunan allon waya na kwanaki a jere su ne shaidarsa.

A bankunan da ba sa mu'amala da ruwa tsarin daban ne, domin ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce a shari'a. Inda suka sa tara don kada mai hali ya riƙa ja da biya, kuɗin sadaka ake yi da shi, ba ya shiga ribar bankin. Amma daga aljihun wanda ya makara yake fita, don haka shi ma sai ya duba takardarsa ya ga a kan wane kuɗi ake lissafa ta, kuma daga wace rana.