Kalmomin batsa da zagi da ya kamata matafiyi ya sani

Kalmomin batsa da zagi su ne waɗanda masu harshe suke ƙyamar a furta a bainar jama'a. Abin da ake so ga matafiyi shi ne ya gane su idan ya ji, ya kuma kame bakinsa daga faɗarsu.

Yawancin harsuna suna da ashar da ta shafi al'aura, jima'i ko zagin uwa, amma abin da ya fi zafi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Holan da sunayen cututtuka ake zagi, kuma "kanker", wato ciwon daji, yana cikin mafi muni. Masu jin Faransanci a lardin Kebek na Kanada suna ashar da sunayen kayan coci, irin su "tabarnak". A Jamus kuwa zagi laifi ne a ƙarƙashin sashe na 185 na dokar manyan laifuka, hukuncinsa tara ko ɗauri.

Sai dai ba waɗannan ne suka fi kayar da baƙo ba, domin ba wanda zai faɗe su bisa kuskure. Haɗarin yana cikin kalmar yau da kullum wadda take da tsafta a wata ƙasa, amma ta zama batsa a wata, alhali harshen ɗaya ne.

Misali mafi shahara shi ne "coger" a Sifaniyanci. A Sifaniya ma'anarta ɗauka ko kamawa, kuma da ita ake cewa za a hau mota. A Meziko da Ajantina kalmar jima'i ce ta ashar. Wanda ya koyi harshen daga littafin da aka buga a Madrid, ya sauka a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, ya tambayi wata dattijuwa inda zai "coger" motar haya, ya yi katoɓara ba tare da ya sani ba. Da ya ce "tomar", da ba abin da zai faru, domin ana amfani da ita a duk ƙasashen. Haka "rapariga" take: yarinya ce a Fotugal, amma a sassan Burazil, musamman arewa maso gabas, karuwa ake nufi, shi ya sa can ake cewa "moça".

Ƙaramin littafin jimloli ba kasafai yake nuna wannan ba. Cikakken ƙamus shi ne yake sa alama a gefen kalmar batsa, yana kuma ambaton ƙasar da take da wannan ma'ana, don haka ya kamata a duba ƙasar da za a je, ba harshen kawai ba. Kalmar da matasa suka koya wa baƙo suna dariya, suna matsa masa ya maimaita, kada ya faɗe ta sai ya tambayi wani babba a keɓe. Idan kuwa ya yi magana wuri ya yi tsit, ko aka sunkuyar da kai, ko aka maimaita jimlarsa da wata kalmar daban, to ya ba da haƙuri a taƙaice, ya riƙe kalmar da aka musanya masa.