Sunan ɗan wasa: zaɓin mata a wasannin harbi na intanet

Sunan ɗan wasa shi ne laƙabin da mutum ke bayyana da shi a wasannin intanet. Kowane kamfani da yadda yake kiransa: a Xbox `gamertag` ne, a PlayStation `Online ID`, a Valorant kuwa `Riot ID`. A wasannin harbi irin su Call of Duty da Valorant da PUBG Mobile da Free Fire, sunan yana fitowa a ɗakin jira kafin a fara, yana kan allon maki, kuma duk wanda aka harbe sai ya ga sunan wanda ya harbe shi. Saboda haka mace mai buga waɗannan wasanni takan ci karo da tsangwama tun kafin ta buɗe baki, in dai sunanta ya nuna cewa mace ce.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Maryland ta Amurka sun zuba asusun bogi a zaurukan hira na IRC, wasu da sunan maza, wasu da na mata, wasu da sunan da ba a gane jinsinsa. Masu sunan mata sun samu saƙonnin batsa da barazana kusan ninki 25 na abin da masu sunan maza suka samu. Sunayen da ba a gane jinsinsu sun faɗo a tsakani. Zaurukan hira ne aka gwada, ba filin wasa ba, amma gwajin ya nuna cewa suna kaɗai ya isa ya jawo masu cin zarafi, tunda asusun babu hoto babu murya.

Sai dai suna yana da iyaka. A 2013 wasu masu bincike biyu, Kuznekoff da Rose, sun wallafa gwajin da suka yi a wasan Halo 3, inda suka riƙa kunna muryar namiji ko ta mace da aka naɗa, kalmomin iri ɗaya. Muryar mace ta jawo munanan kalamai kusan ninki uku na muryar namiji. Ma'ana, sunan da ya ɓoye jinsi yana aiki ne har zuwa lokacin da aka kunna makirufo. Laifin tsangwama na mai yin ta ne. Canza suna dabara ce ta rage yawan masu tare hanya, kuma akwai mata da yawa da suke barin sunayensu na mata da gangan.

Ayyuka biyu na suna

Aiki na farko shi ne kada sunan ya sanar da jinsi. Sunan yanka na mace yana yin haka, haka ma kalmomi irin `girl` da `queen` da `princess` da `baby`, ko na Hausa irin `Gimbiya` da `Hajiya`. A wasannin waya da ke karɓar alamomin ado, zuciya da fure da kambi a gefen suna su ma suna tona asiri. Wasu kan ɗauki sunan namiji kai tsaye, amma wannan yana da nasa ciwon kai, domin ranar da murya ta fito sai a koma zargin yaudara da tambayoyi. Sunan wani abu da ba mutum ba ya fi sauƙin riƙewa.

Aiki na biyu ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa: kada sunan ya zama igiyar da za a bi a kai ga mai shi. Zagi a cikin wasa yana ƙarewa da ƙarewar zagaye. Wanda ya kwafi sunan ya liƙa a Instagram ko TikTok ya tarar da shafi mai suna iri ɗaya, ya samu hoto da gari da 'yan uwa, shi ne matsalar da ke bin mutum har gida. Don haka sunan wasa ya kamata ya zama na wasa kaɗai, kada ya yi kama da na shafukan sada zumunta ko farkon adireshin imel.

Misali a Valorant

`Riot ID` kashi biyu ne: suna mai haruffa 3 zuwa 16, sai alamar `#` da ɗan ƙari mai haruffa 3 zuwa 5. A ɗauka wata 'yar wasa ta sa wa kanta wannan:

```
Zainab04#KANO
```

A layi ɗaya ta bayar da abubuwa huɗu: jinsinta, sunanta na gaskiya, shekarar haihuwa da kowa zai karanta 2004, da garinsu. In da `zainab04` take amfani a wani dandali, an gama.

Gyaran yana farawa da zaɓen kalmar da ba ta da alaƙa da rayuwarta. Kalmomin Hausa suna da amfani a nan, domin baƙo daga wata ƙasa ba ya iya cewa na mace ne ko na namiji. Akwai ɗan tarko, duk da haka: a harsunan Turai da dama sunayen mata kan ƙare da harafin a, don haka `Tsawa` ko `Guguwa` na iya yi wa baƙo kama da sunan mace. `Garwashi` ko `Tsauni` ba su da wannan matsala. Kalmar Hausa tana nuna yankin da mutum ya fito ga wanda ya san harshen. Wadda ba ta son ko wannan sai ta haɗa gaɓoɓin da ba su da ma'ana. Ƙarin kuma a cika shi da lambobin da ba ranar haihuwa ba ne, ba kuma ƙarshen lambar waya ba:

```
Garwashi#7319
```

Kafin ta tabbatar, sai ta rubuta sunan a injin bincike da dandalin da take amfani da su, ta ga ko yana kaiwa gare ta. Ta kuma furta shi da ƙarfi. Abokan wasa suna kiran juna cikin gaggawa, sunan da ba ya furtuwa yakan sa a laƙaba wa mutum wani, sau da yawa mara daɗi. Riot, kamfanin da ya yi Valorant, na barin a canza suna kyauta sau ɗaya a cikin kwana 90, don haka kuskure zai zauna wata uku. A cikin saitin Valorant akwai kuma zaɓin `Hide My Name from Players Outside My Party`, wanda ke sa baƙi su ga sunan jarumin da aka zaɓa a maimakon na 'yar wasan.

Inda canza suna ba ya wadatarwa

Sabon suna ba sabon asusu ba ne. Wanda yake cikin jerin abokai zai ci gaba da kasancewa a ciki, ya ga sabon sunan nan take, shi ya sa ake fara cire mai takurawa a toshe shi, sannan a canza. A PUBG Mobile ana canza suna da `Rename Card`, amma lambar shaidar asusun ba ta canzawa, wanda ya riga ya rubuta ta zai sake gano mutum. Asusun da aka haɗa da Facebook kuma yana iya jawo hoton fuska ya ɗora a wasan, sai hoton ya rushe duk abin da sunan ya ɓoye. Steam, dandalin wasannin kwamfuta, yana nuna tsoffin sunaye a shafin mutum sai an goge tarihin da hannu.

Ƙa'idar canjin ta bambanta. A Fortnite ana iya sauya suna bayan kowane mako biyu. A Xbox da PlayStation canjin farko kyauta ne, na gaba da kuɗi, kuma PlayStation, wadda ta fara ba da damar a 2019, ta yi gargaɗin cewa wasu tsoffin wasanni na iya samun matsala bayan canji. Alamar cewa gyaran ya yi aiki ita ce raguwar buƙatun abota da saƙonni daga baƙi bayan zagaye. In mutum ɗaya ya ci gaba da ɓullowa bayan an canza suna, to ta wata ƙofa yake shigowa: jerin abokai, lambar asusu, ko wani zauren Discord da suke ciki tare.