Insha'in Jarrabawa Cikin Minti 45: Tambayoyin da Ɗalibai Suka Ishe Ni da Su

Malam, ai WAEC minti 50 ta ce a yi insha'in Turanci, me ya kawo 45?

Ragowar biyar ɗin ajiya ce. Biro kan ƙi rubutu, hannu kan sage, ga auna fahimta da taƙaitawa suna jiranka cikin awa biyun nan. Ka saba da 45 tun daga gida.

Yaya zan raba lokacin?

Minti 5 na zaɓen tambaya da tsari, 35 na rubutu, 5 na dubawa. Na faɗa har bakina ya gaji. A cikin 35 ɗin, gabatarwa ta ci 5, batutuwa uku kowanne 9, kammalawa 3.

In rubuta a wata takarda tukuna, sannan in kwafe da kyau?

A'a. Wa ya ba ka lokacin rubuta kalma 450 sau biyu? Tsari kawai za ka yi, layi biyar ko shida, ka ja masa layi idan ka gama.

Malam, ni fa sai in duba agogo in ga minti 30 sun tafi, ina kan batu na biyu. Me zan yi?

To, wannan ita ce tambaya. Amsar ta danganta da irin tambayar da kika ɗauka da kuma inda alƙalaminki yake.

A ce wasiƙa ce zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma kan matsaloli uku na unguwarku, kin tsara ruwan sha, hanya da asibiti. Bisa ƙa'ida, a minti na 10 kin gama adireshi biyu, kwanan wata, take da gabatarwa. A na 19 kin rufe maganar ruwa, a na 28 ta hanya. Idan 30 ta same ki a tsakiyar maganar hanya, kin makara da kamar minti biyar, kuma yawanci ruwan ne ya cinye su: kin tsaya ba da labarin rijiyar burtsatsen da ta lalace, da layin jarkoki, da kuɗin da 'yan ga-ruwa ke karɓa.

Abin da nake ba da shawara shi ne ki rufe sakin layin hanya da jimla biyu, ko da sauran magana a bakinki. Asibiti ya samu minti 6: faɗi matsalar, kawo misali ɗaya, faɗi abin da kike so a yi. Tambayar ta ce uku, saboda haka mai biyu ta yi asarar makin ƙumshiya komai daɗin Turancinta. Sai kammalawa jimla biyu, gaisuwar rufewa, sa hannu da cikakken suna. Wasiƙar da ba a rufe ba, mai gyara zai gan ta tun kafin ya karanta layin farko.

Amma idan labari kike bayarwa, lissafin ya ɗan sauya. Babu batu na uku da za a matse, sai dai ki tsallake tsakiya ki nufi abin da ya faru a ƙarshe, musamman idan an ce labarin ya nuna ma'anar wani karin magana. A muhawara kuwa, hujjoji biyu masu ƙwari da ta uku gajera za su iya wucewa, in dai tambayar ba ta ƙayyade adadi ba.

Za ki iya cin minti biyu daga lokacin dubawa, ban so ba amma na yarda. Ajiyar biyar ɗin nan ma don irin wannan ranar aka yi ta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki yaga ki sake sabo. Kada ki firgita, makarar minti biyar ba ta kayar da kowa.

In ƙirga kalmomi?

A ɗakin jarrabawa? Haba. Ƙirga na layi uku a gida ka san hannunka. Idan tara kake zubawa a layi, layi 50 kake nema, shi ke nan.

Idan na rubuta da yawa ba zan fi samun maki ba?

Makin 50 ne: ƙumshiya 10, tsari 10, iya sarrafa harshe 20, ƙa'idojin rubutu 10. Goman ƙarshen nan rabin maki ake cirewa a kowane kuskure, kuskure ashirin sun share ta. Mai gudu don ya cika shafi huɗu shi ke mance aya da babban baƙi, ga taƙaitawa ya bar ta ba lokaci.

Me zan duba a minti biyar na ƙarshe?

Lambar tambaya tukuna. Sannan aya, manyan baƙaƙe, da aikatau da ya tsallaka daga shuɗaɗɗen lokaci zuwa na yanzu a tsakiyar labari. Ja layi ɗaya kan kuskure, rubuta daidai a samansa. Kuma ku tuna, waya ba za ta shiga ɗakin ba.