Takin masai a gona: abin da ƙa'idar WHO ta ce, da yadda ake ƙirga lokacin

Idan rani ya shigo, duk wanda ya bi hanyoyin bayan gari a Kano zai ga tulin baƙar ƙasa a wasu gonaki. Wani tulin shara ce daga bola, wani kuma abin da masu kwasar masai suka kawo ne a baro ko a mota. Manoman kewayen Tamale a arewacin Ghana ma haka suke yi, har sukan roƙi direban motar zuƙar sokawe ya juye musu a gona kafin damina. Manomi ya san abin da yake nema, domin wannan taki yana da ƙarfi, buhun takin zamani kuwa ya yi tsada. Ni ban ga laifin neman ba. Damuwata ita ce akwai ƙa'ida a kan wannan aiki, kuma yawancin masu yin sa ba su taɓa jin ta ba.

A Najeriya, dokar tsaftar muhalli da sarrafa shara ta 2009, wadda hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ke kula da ita, ta hana zubar da ƙazanta a inda aka ga dama, ta kuma buƙaci mai sana'ar kwasa ya zama yana da lasisi, ya kai kayansa wurin da hukuma ta keɓe. Wannan ya shafi kwasa da zubarwa. Batun mayar da abin taki kuwa, ma'aunin da ƙasashe suka fi dogara da shi ya fito ne daga Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, a jagorar da ta fitar a 2006 kan amfani da gurɓataccen ruwa da bayan gida a noma. Jagorar ba doka ba ce da duba-gari zai kama mutum da ita kai tsaye, shawara ce ga gwamnatoci su tsara nasu dokokin a kanta. Amma lissafin da ke ciki ya shafi kowane mai gona, kuma abin lura shi ne ba ta haramta takin bayan gida ba. Sharaɗi ta gindaya: a kashe cutar da ke ciki kafin ya isa hannun mai noma da bakin mai ci.

Ma'aunin guda biyu ne, dukansu a kan giram ɗaya na busasshen taki. Kada a sami ƙwan tsutsar ciki ko da ɗaya a kowane giram, sannan ƙwayar E. coli, wadda ke nuna ragowar ɗanyen kashi, kada ta kai 1,000. Na farkon shi ne mai wuya. Ƙwayoyin kwalara da taifot ba sa jure rana da bushewa sosai, cikin makonni ko 'yan watanni sun mutu. Ƙwan doguwar tsutsar nan ta ciki, wadda yara ke kasayarwa, shi ne mai taurin kai. Macen tsutsar guda tana iya zuba ƙwai kusan 200,000 a rana, kowane ƙwai da ɓawo mai kauri, kuma a ƙasa mai damshi da inuwa yana iya yin shekaru da ransa. Ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jin sa. Shi ya sa aka ɗauke shi abin gwaji: idan ya mutu, kusan duk sauran sun riga shi.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Mai gona zai ɗebi takin a hannu ya murza, ya ga ya yi baƙi, ya bushe, ba wari, sai ya ce ai ya zama ƙasa. Wari yana gushewa tun da wuri, ƙwan kuwa yana nan.

Tunda ba kowa ke da ɗakin gwaji ba, jagorar ta ba da hanyoyin da idan an bi su ana sa ran an kai ma'aunin. Mafi sauƙi ita ce ajiya. A inda zafin gari ke tsakanin digiri 20 zuwa 35, kamar yawancin ƙasar Hausa, a ajiye abin fiye da shekara ɗaya. A ƙasashe masu sanyi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ake so. Sharaɗin da ake yawan mantawa shi ne ba a ƙara sabo a kai. Lissafin shekarar yana farawa ne daga ranar da ɗanyen kashi na ƙarshe ya shiga. Masan da aka haƙa shekara bakwai da suka wuce, amma jiya ma an shiga, abin da aka kwaso daga cikinta ɗanye ne a idon wannan ƙa'ida, domin wurin kwasa na sama da na ƙasa sun cakuɗe. Dalilin da ya sa ake ba da shawarar masai mai rami biyu ke nan: idan ɗaya ya cika a rufe shi, a koma ɗayan, kafin shi ma ya cika na farkon ya cika shekararsa, mai kwasa ya tarar da busasshen abu maimakon kwaɓaɓɓe.

Mu ɗauki manomin da aka juye wa mota a gonarsa a watan Disamba, yana shirin shuka gero a Yuni. Wata shida ke nan. Rana da iskar hunturu sun yi aiki sosai a saman tulin, amma cikinsa da ƙasansa, inda damshi ya tsaya, ba su sami wannan ba. Jagorar ta nuna cewa bayan wata huɗu a irin wannan zafi, kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na ƙwan tsutsar na iya kasancewa da rai. Geron kansa ba zai cutar da mai cin tuwo ba, tunda zangarniya tana sama kuma dafawa ake yi. Waɗanda ke cikin haɗari su ne shi manomin da yaransa da ke watsa takin da hannu, suna sharar gona ba takalmi, sannan su zauna gindin bishiya su sha fura ba tare da wanke hannu da sabulu ba. Idan yana so ya bi ƙa'ida ta hanyar ajiya, sai ya haƙa rami nesa da rijiya da magudanar ruwa, a juye a ciki, ya rufe da ƙasa, ya bar shi ya tsallake wannan daminar, sai ta gaba. Takin Disamban bana ba na shukar Yuni mai zuwa ba ne, na Yunin da ke bayansa ne.

Wanda ba zai iya jira ba, zafi ne zai rage masa lokaci. Ƙa'idar ta ce idan aka haɗa takin da shara mai ruɓewa har zafin tulin ya wuce digiri 50, ya kuma tsaya a haka fiye da mako ɗaya a dukkan sassansa, an kashe cutar. An gwada wannan a Kumasi tun farkon shekarun 2000, inda cibiyar binciken ruwa ta IWMI da abokan aikinta suka riƙa busar da ƙazantar sokawe suna haɗa ta da sharar kasuwa.

Ga yadda lissafin yake. Mu ƙaddara mota ce mai lita 5,000 daga sokawe. Yawancin abin ruwa ne, idan kashi 3 cikin ɗari ne daskararre, busasshen abin da ke ciki bai wuce kilo 150 ba. Ba a haɗa shi da shara a haka, sai an tsane shi tukuna a kan shimfiɗar busarwa, wato fili mai ɗan bango da aka zuba wa tsakuwa a ƙasa da yashi a sama. Idan za a zuba kaurin santimita 20, ana buƙatar fili mai mita 5 tsawo da mita 5 faɗi. Ruwan zai tsiyaye ta cikin yashin, rana ta ɗauke saura, cikin mako biyu ko uku na rani saman ya tsattsage, ana iya ɗiba da shebur. Ruwan da ya tsiyaye ba mai tsafta ba ne, dole ya bi ta tafkin tacewa, ba a kai shi lambu. Yashin kuma ya tare ƙwan tsutsar, saboda haka duk sun taru a cikin busasshen abin. Idan a ce kowane giram yana ɗauke da ƙwai 20, wannan kilo 150 na ɗauke da miliyan 3, ƙa'ida kuwa tana so ya yi ƙasa da 150,000.

Daga nan sai a tsince leda da tsumma da kwalabe, a haɗa baro ɗaya na busasshen takin da baro biyu ko uku na sharar kasuwa, ganye, ko dusar katako. A jiƙa daidai: idan aka matse da safar hannu ya dunƙule, ruwa bai zuba ba sai ɗigo ɗaya ko biyu, ya yi. A tara shi tuli mai tsayin ƙugu ko fiye, domin ƙaramin tuli ba ya riƙe zafi. Cikin 'yan kwanaki tsakiyar za ta ɗauki zafi, idan aka buɗe da safe a ga tururi na tashi. Ma'aunin zafi mai dogon tsinke shi ne kayan aikin da ba a yi sai da shi. Kuma tunda gefen tulin bai kai tsakiyarsa zafi ba, sai an riƙa juyawa, na waje ya koma ciki, har kowane ɓangare ya sami makonsa. Aikin yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Tulin da ya ƙi zafi yana faɗin matsalarsa: idan yana warin ruɓaɓɓen ƙwai ruwa ya yi yawa iska ba ta shiga, idan ya yi fari ya bushe ruwa yake so, idan warin fitsari ke tashi a ƙara ganye ko dusa.

Akwai hanya ta uku, ta toka. Idan ana zuba toka mai yawa har ma'aunin pH, mai nuna tsami ko kanwar abu, ya wuce 9, abin kuma yana bushe da zafi, fiye da wata shida ake so. Wannan ya fi dacewa da busasshiyar masai da ba a zuba mata ruwa. Masanmu kuwa da buta ake shiga, ruwan tsarki na jiƙa ramin, don haka ban cika dogara da ita a nan ba.

Ko bayan an sarrafa, jagorar ba ta yarda a dogara da shinge ɗaya ba. Ta ce a cuɗa takin cikin ƙasa maimakon a bar shi a sama, a kuma bar aƙalla wata ɗaya tsakanin zubawa da girbi. Mai aikin ya sa takalmin ruwa da safar hannu. Masu lambun fadama su ne na fi jiye wa, domin latas da kabeji da karas ɗanye ake cin su, kuma suna kwance a kan ƙasar da aka zuba takin. Mai lambun da aka kawo wa takin masai ya tambayi abu biyu kafin a sauke: yaushe aka daina shiga ramin da aka kwaso shi, kuma an auna zafin tulin? Idan mai kawowa bai da amsa, takin ya tafi ramin ajiya, ko gindin mangwaro da darbejiya a binne shi a can.