Tankaɗe da rairaya a rubutu: me ake zubarwa, me ake bari?

Idan edita ya ce a yi wa sakin layi tankaɗe da rairaya, nufinsa a rage kalmomi ba tare da an taɓa saƙon ba. Dusar da ake cirewa iri biyu ce.

Ta farko ciko ce, wato irin su "kamar yadda kowa ya sani" da "a halin da ake ciki yanzu". Gane ta ba wuya. Rufe ta da yatsa ka karanta jimlar. In babu abin da ya ɓace, goge ta.

Ta biyun ta fi ɓuya. Marubuci ne zai ɗauki aikatau ya mayar da shi suna, sannan ya nemo wani aikatau maras nauyi ya jingina shi da shi: "gudanar da", "aiwatar da", "samar da". Labaran da ake fassarowa daga Turanci cike suke da su. Duba wannan:

"A halin da ake ciki yanzu, kwamitin ya gudanar da bincike a kan lamarin, sannan kuma ya aiwatar da rabon taki ga manoma domin samar da ƙaruwar amfanin gona."

Kalma 29 ke nan. Tambayi jimlar: wa ya yi, me ya yi? Aikin gaske yana cikin "bincike", "rabo" da "ƙaruwa". Mayar da kowanne aikatau:

"Kwamitin ya binciki lamarin, sannan ya raba wa manoma taki domin amfanin gona ya ƙaru."

Saura 15. An bar "sannan" da gangan, don ita ke nuna cewa bincike ya riga rabo.

A nan ake yawan tuntuɓe, domin aikatau yakan sauya wasalin ƙarshe. "Bincika" takan koma "binciki" a gaban suna, "bincike" a gaban wakilin suna: ya binciki lamarin, ya bincike shi. Haka kuma "ga manoma" ta dawo kusa da aikatau ta zama "wa manoma".

Kuma ba kowane suna ne dusa ba. "Ya yi barci" da "ta yi magana" haka Hausa take faɗinsu, babu gajeriyar hanya. "Suna bincike" ma a bar ta, aikin bai ƙare ba tukuna.

Mafi haɗari shi ne sunan da ke ɗauke da matsayin maganar. "Ana zarginsa da satar taki" ta fi "ya saci taki" tsawo, amma duk wanda ya datse ta ya yanke wa mutum hukunci tun kafin alƙali ya zauna. Haka "ya yi alƙawarin gina asibiti" ba ta zama "ya gina asibiti". Saboda haka bayan an rage, a jera tsohuwar jimla da sabuwa, a duba ko "zargi", "alƙawari" da "kimanin" suna nan inda suke.