Lambar Wandonka Ba Ita Ce Ma'aunin Ƙugunka Ba

Maza da yawa a Damagaram sun ɗauka cewa lambar da ke jikin dogon wandonsu ita ce faɗin ƙugunsu, sai su sayi kamfai da ita. Wannan kuskure ne, domin masana'antu da dama suna ɗinka wando ya fi lambar da aka rubuta masa faɗi, kuma haruffan S, M da L ba su da ma'auni guda tsakanin kamfani da kamfani.

Abin da ya dace shi ne tela ya zagaya tef a daidai inda robar kamfan take zama, ba tare da ka tsuke ciki ba. A nan muna awo da santimita, amma lambobi irin su 32 da 34 inci ne, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Mutumin da ke sa wando mai lamba 34, idan tef ya nuna santimita 91, ƙugunsa ya kusa inci 36 ke nan, wanda a yawancin jadawali L ne, ba M ba. Idan awonka ya faɗi tsakanin haruffa biyu, ko roba tana bar maka shaida a fata, ka ɗauki na sama, musamman na auduga zalla da ke tsukewa bayan wanki. Ita kuwa singileti, da awon ƙirji ake zaɓarta.